Ƙwaya Biyar a Kofin Shayi

A gidanmu da ke Daura, da sukari ake auna darajar baƙo. Idan ɗan unguwa ya leƙo, Inna takan jefa masa ƙwaya biyu a kofi. Idan suruki ne, huɗu. Ranar da wani malamin babanmu ya zo daga Zango, da idona na ga ta jefa bakwai, ta juya, ta ɗanɗana, ta ƙara ɗaya. A wurinta rowar sukari ta fi rowar nama muni, domin nama sai mai hali, sukari kuwa zuciya ce kawai. Da wannan karatun na tashi, kuma da shi na tafi Abuja neman aiki, ban san zai kusa ja mini kora ba.

Shekaru kaɗan ne bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ina cikin waɗanda suka yi kabbara a lokacin har muryata ta dushe. Na yi karatun girki a makarantar koyon sana'a, na zaga Katsina da Kano da takardata ban samu komai ba, sai wani babban otal a Abuja ya ɗauke ni wankin tukwane. Shekara guda ina kankare ƙanzo kafin mai yin kayan zaƙi ya ajiye aiki. Shugaban kicin ya ce zai gwada ni wata uku a gurbinsa. In na iya, wurin ya zama nawa. In ban iya ba, ba ma tukwanen zan koma ba, don an riga an ba wani.

Kek da biskit da ayis kirim ba su ba ni tsoro ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne wata liyafar rana da wasu Turawa ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke yi a otal ɗin sau ɗaya a wata. Su goma sha wani abu ne, kuma ba tuwo ko nama ke kawo su ba, ƙarshen abincin suke jira. Akan jera musu cuku, sannan cakulan, sannan wani kayan zaƙin, kowanne da nasa ɗan ƙaramin kofin giya, ƙaramin da bai kai kofin shayin Buzaye biyu ba. Farantan nawa ne. Kofunan kuwa na wani tsoho ne ɗan ƙasar Togo, wanda ya fi shekara talatin yana kula da kwalaben otal-otal. Ma'aikata na kiransa Sarkin Kwalba. Ya tashi kusa da zangon Hausawa a garinsu, saboda haka yana jin Hausa, irin mai karkacewar nan. Ni Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da tsokana.

Inna ta san ina yin kek. Da ta tambaye ni da me Turawan ke haɗawa, na ce da shayi. Ƙarya na yi mata, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita daga bakina.

Liyafar farko ta zo ina da mako uku a gurbin. Wanda na gada ya bar takardar yadda ake haɗa wani kek na baƙin cakulan. Na bi ta tiryan-tiryan, na ɗanɗana ƙullun, na ji ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Na ce lallai mutumin nan ɓarawo ne, rabin sukarin gidansa yake kaiwa. Ga shi an ce mini har da wani jakada a cikin baƙin. Jakada guda! Mutumin da ko a gidanmu ya sauka ƙwaya takwas zai sha. Na ninka sukarin, da kek ya fito na kwarara masa zuma a ka, na tsaya ina kallonsa yana ƙyalli, raina fes.

Farantai suka dawo kusan a share. Amma kofunan da suka raka kek ɗin a cike suka dawo, kowanne an kurɓa sau ɗaya an ture. Ni ban ga abin damuwa ba, nawa dai an ci. Sai ga Sarkin Kwalba ya faɗo kicin yana huci. Wai baƙi sun ce giyarsa ta lalace, ta yi tsami, tana ƙona maƙogwaro. Ya buɗe musu sabuwar kwalba, ita ma suka ce haka. Ya ɗanɗana a bayan fage ya ji lafiyarta ƙalau. Yana cikin faɗan ne idonsa ya faɗa kan ragowar kek. Ya gutsura, ya tauna, ya kurɓi kofin da ke hannunsa, ya yamutsa fuska.

"Malam, kai ne ka kashe mini giya."

"Ni? Oga, ka ji tsoron Allah. Ko kwalbar ban taɓa ba."

"Ba sai ka taɓa ba. Sukarinka ya taɓa."

Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Yaya abin da ke cikin faranti zai lalata abin da ke cikin kwalba? Kuma shi da bakinsa ya ce giyar mai zaƙi ce. To zaƙi a kan zaƙi ai sai ƙarin zaƙi, ko yaron da ke aji ɗaya ya san ɗaya da ɗaya biyu ne. Na faɗa masa haka. Ya dube ni ya ce a kan harshe, ɗaya da ɗaya yakan zama babu.

Washegari da hantsi ya kira ni ɗakin ajiyarsa, ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban roƙa ba. Ya ce waɗannan ba irin giyar inabin da aka saba ba ce, an ƙara musu ƙarfi da wata tatacciyar barasa. Ya nuna wata ja mai duhu, ya ce sunanta fot. Tun ruwan inabin bai gama tsimuwa ba ake zuba masa barasar, sai tsimin ya tsaya cak, zaƙin inabin ya saura a ciki. Ya nuna wata fara, ya ce sheri ce, ita sai da ta gama tsimuwa sarai aka ƙara mata ƙarfin, don haka babu ko ɗigon zaƙi a cikinta, kuma ba ta zuwa kusa da kek, abokanta zaitun da gyaɗar Turawa mai gishiri da busasshen cuku. Ina cikin murnar na gane, wato ja zaƙi, sheri babu zaƙi, sai ya jawo wata baƙa ƙirin mai kauri kamar maɗi, ya ce ita ma sheri ce, daga inabin da aka shanya a rana, kuma duk ɗakin babu wadda ta kai ta zaƙi. Na ce a raina mutanen nan ko suna ba su iya raɗawa ba.

Ƙa'idar dai, in ji shi, ɗaya ce: abin da ke cikin kofi ya kai abin da ke cikin faranti zaƙi, ko ya ɗan ɗara shi. In faranti ya fi, harshe ya riga ya ƙoshi, ba zai ji zaƙin giyar ba, sai tsaminta da baurinta da zafinta.

Na ce na ji. Wata ya zagayo, na ce yau za a ga gyara. Na zabge sukarin nan na bar ɗan abin da ba a rasa ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Wannan karon farantan ne suka dawo da kek an ɗan gutsura an bari, kofunan ma rabi-rabi. Baƙi suka ce kek ɗin ɗaci, giyar kuma ta zame musu kamar maganin tari, zaƙinta ya ginshe su.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne cukun. Akwai wani mai shuɗin funfuna a jikinsa, mai wari, wanda ranar da na fara ganinsa saura kaɗan in jefa shi a shara. Gishiri ne zalla, babu ko ƙwayar sukari. Amma shi da jar giyar nan mai zaƙi ake ba su, kuma kullum tas suke yi da su.

"Oga," na ce, "na sa sukari ka ce ya yi yawa. Na cire ka ce ya yi kaɗan. Ga ruɓaɓɓen cukunka babu sukari sam, kuma ba ka zage shi ba. Wai ni kaɗai ne ba ka so?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce gishiri daban, ɗaci daban. Gishiri da maiƙo suna tarbar zaƙi, su lausasa zafin giyar, ita kuma ta kwantar da gishirin. Ɗaci kuwa in ya haɗu da baurin giya taruwa suke yi su yi wa harshe taron dangi. Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali ko kusa.

Shugaban kicin ya kira mu ya ce saura liyafa ɗaya wa'adina ya cika. In aka sake samun ƙorafi, in nemi motar garinmu.

Da yammacin ranar, bayan la'asar, Sarkin Kwalba ya ajiye ɗan kofi a gabana, da wani kwano a gefe.

"Malam, ba sha za ka yi ba. Ka kurɓa, ka juya a baki, ka tofar. Mu ma haka muke yi. Mai girkin da ba ya ɗanɗanawa makaho ne."

Ba mugunta yake nufi ba, so yake ya cece ni. Na daɗe ina kallon kofin nan. Ƙamshinsa kamar na busasshen inabi da ake sayarwa a bakin masallaci da azumi. Na tuna tukwanen da na kankare shekara guda, na tuna ƙannena uku da ke makaranta. Wallahi hannuna ya motsa. Sai kuma na ji tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, na ture kujera na miƙe.

"Oga, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"To Allah ya ba ka sa'a," in ji shi, ya ɗauke kofinsa. Bai sake yi mini tayin ba har muka rabu.

A makon ne ƙanwata ta haihu, na roƙi kwana uku na tafi suna. Tun daga Kano har Kazaure har muka shiga Daura ina tunanin yadda zan gaya wa Inna na kusa dawowa gida gaba ɗaya. Ban gaya mata ba. Washegarin suna da safe ina zaune a ƙofar ɗakinta, ga ragowar kayan biki a faifai. Na ɗauki alkaki guda, irin wanda ya sha zuma har yana ɗiga, na cinye. Ta miƙo mini shayi, na kurɓa, na ji ruwan zafi da bauri kawai.

"Inna, yau kin manta sukari."

"Ni? Ƙwaya biyar na jefa maka da hannuna."

"Wallahi lami ne."

"Yo wa ya aike ka ka fara da alkaki? Kai ɗan nan, girma dai na jiki. Alkaki ai ba abokin shayi ba ne, kashe shi yake. Kurkure bakinka."

Na kurkure, ta gutsuro mini cukun da wani Buzu ya kawo wa babanmu tsaraba daga Nijar, busasshe mai tauri. Na tauna, na kurɓi shayin nan dai na ɗazu. Sai ga zaƙi ya cika mini baki har kunne. Kofin bai canza ba, ba a ƙara masa komai ba. Na zauna riƙe da shi kamar wanda aka mara.

"Lafiya?" in ji Inna.

Na ce mata Turawan wurin aikinmu ne ke ta ƙorafi, wai kek ɗina yana ɓata musu shayi. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

"To ai da gaskiyarsu. Shayi shi ne maigida, abin taɓawa baƙo ne. Baƙo ba ya shiga gaban maigida. Ba ka ga cincin ɗin da nake yi ma babanku na shan shayi ba na cika mashi sukari? Na biki daban. Amma kuma kar ka bar shi salam, sai shayin ya ginshi mutum. Ka gutsura, ka kurɓa. In shayin ya mutu, rage. In ya hau maka kai, ƙara. Wannan har sai an je makaranta?"

Abin da tsohon nan ya fi wata guda yana fama da ni a kai, Inna ta gama shi kafin kofi ya huce. Har ta ɗaure mini cuku uku a leda, wai in kai wa Turawan su ji yadda ake shan shayi.

Ina komawa na sayi kwalin sukari mai ƙwaya da ganyen shayi, na dafa shi baƙi mai kauri, na jera kofuna a ɗakin Sarkin Kwalba. Na ce masa ni ba zan ɗanɗana nasa ba, amma shi ba abin da ya hana shi ɗanɗana nawa. Ya kurɓi giyarsa, ya kurkure baki, ya kurɓi shayina, ina jefa ƙwaya ɗaya-ɗaya har sai ya ce zaƙin ya zo daidai. Da farko ya ce wannan hauka ne. Daga baya abin ya fi ba shi sha'awa fiye da ni.

Farar sherin, ko ƙwaya ɗaya bai bari na jefa ba. Jar fot ɗin, muna kaiwa ƙwaya biyar ya ɗaga hannu. Ƙwaya biyar, daidai shayin da Inna ke haɗa mini. Ban san dalilin da ya sa wannan ya sosa mini rai ba, amma ya sosa. Baƙar nan mai kauri kuwa, mun wuce goma sha biyar yana cewa ƙara, har ya ce in daina ɓarna in zuba zuma kawai. Ya gargaɗe ni cewa shayi ba shi da zafin giya, kuma wasu suna da ɗan tsami, don haka ya matsa lemon tsami kaɗan a wani kofin. Ya ce ma'aunin gurgu ne, amma ya fi babu.

Kwana tara na yi ina gasa ƙananan kek, ina gutsura ina kurɓar shayi mai ƙwaya biyar. In shayin ya mutu in rage, in ya hau mini kai in ƙara. Na sha shayi har na gode wa Allah. Wanda na ga ya yi, in kai wa tsohon ya gwada da nasa kofin. A ƙarshe muka tsaya a wani awo, na ƙara ɗan gishiri kaɗan bisa shawararsa. Da na duba takardar wanda na gada, sai na ga kusan awonsa ne cif. Na nemi gafarar Allah a kan sata da na laƙa wa bawan Allah. Ita kuwa baƙar sherin nan mai kauri, ayis kirim fari na yi mata mai ƙarancin sukari, aka tsiyaya ta a kai, ta zama ita ce zumar.

Ranar liyafa ban iya cin komai ba. Na laɓe a bayan ƙofar kicin ina leƙen tiren da ke dawowa. Farantan cuku suka dawo wayam. Na kek suka biyo, a share. Sannan kofunan, babu ko ɗigo. Can sai ga mai kai abinci ya shigo da sauri, wai ana son ƙari, na kek da na kofi. Aka yi haka har sau biyu.

Da baƙi suka watse shugaban kicin ya miƙo mini hannu ya ce gurbin ya zama nawa. Sarkin Kwalba ya rungume ni, yana bubbuga bayana.

"Malam, ka ga aikinka? Ba su taɓa shan giya kamar yau ba. Kwalba biyu na ƙara buɗewa. Hannunka ne ya jawo!"

Yabo yake yi. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ban sha ba, ban zuba ba, ban ɗauka na kai ba, ko kwalbar ban taɓa ba. Amma ranar da na cika sukari, kofuna a cike suka dawo, ashe aikin Hisba na yi ban sani ba. Yau da na ƙware, an shanye har da ƙari. Na ƙi kurɓa ɗaya da za a tofar, na kwana tara ina gyara wa mutum goma sha wani abu hanyar shanye kwalabe. Na je na yi alwala na yi la'asar, na idar ban san abin da zan roƙa ba, godiya ko gafara. Na yi duka biyun, na taso kaina bai warware ba. Na yi shekara huɗu a gurbin nan kafin na koma wani wurin da ba a sayar da giya, kuma ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya mayar da ni ba, albashin can ma ya fi. Har yau in an tambaye ni ko na yi laifi, sai in ce a tambayi malamai, ni kuwa ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsu ba.

A yammacin ranar liyafar nan na kira wayar ƙanena na ce ya kai wa Inna. Na gaya mata an tabbatar da ni a aiki. Ta yi guɗa, na ji tana faɗa wa matan gida cewa ita ta koya wa Turawan Abuja shan shayi. Har ta bar duniya tana ba da wannan labarin, kuma ban taɓa gyara mata shi ba. Ta dawo kan wayar tana haki.

"To, yaya shayin nasu? Sun shanye?"

"Sun shanye, Inna. Har da ƙari."

"Alhamdulillahi! Ka gani ko? Allah ya yi ma hannunka albarka, ya sa kullum su yi ta shanyewa."

Amin ɗina take jira. Na buɗe baki, ya ƙi fita.

"Kana jina kuwa?"

"Ina jin ki, Inna," na ce. "Layin ne ba kyau."